Kuɗin Ko-ta-kwana: Na Wata Nawa, Kuma a Ina Za a Ajiye?

Duk wanda ya taɓa sauraron masu ba da shawara kan sha'anin kuɗi, a rediyo ko a taron bita na ma'aikata, ya ji wannan magana: magidanci ya tanadi abin da zai riƙe gidansa wata uku zuwa shida ko da albashi ya tsaya. Maganar ba ƙarya ba ce, sai dai ba da mu aka auna ta ba. An auna ta ne a ƙasashen da wanda ya rasa aiki ke karɓar ɗan tallafin gwamnati kafin ya samu wani, inda inshora ke ɗauke kuɗin asibiti, inda kuma farashin kaya ke tashi da kashi 2 ko 3 cikin ɗari a shekara. Yawancin mazauna unguwar Kakuri a Kaduna ba su da ko ɗaya daga cikin ukun nan. Tilas mu sake lissafin da kanmu, kuma ba sai mun je nesa neman ma'auni ba, domin unguwar ta ɗanɗana tsayawar albashi fiye da kusan ko'ina a Arewa.

A Kakuri masaƙar KTL ta fara aiki a 1957, zamanin Sardauna. Daga baya Arewa Textiles da UNTL da sauransu suka biyo, kamfanin harhaɗa motocin Fijo ya zo a 1975, unguwar ta cika da mutanen da suka saba da cewa ƙarshen wata na zuwa da kuɗi. Mai gidan haya ya dogara da wannan albashi, haka mai tuwo a bakin masaƙa, haka tela, haka mai bashin kayan miya. A ƙarshen 2002 KTL ta rufe, ma'aikatanta suka shafe shekara da shekaru suna bin haƙƙinsu na sallama, da yawa suka rasu ba su karɓa ba. Sauran masaƙun suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya, har UNTL ta tsaya a 2007 kafin a sake buɗe ta bayan wasu shekaru.

Abu biyu wannan tarihi ke nunawa, kuma suna jan juna. Na farko, kuɗin sallama ba abin da za a sa a lissafi ba ne sai ya shigo hannu. Dokar ƙwadago ta Najeriya ba ta yanke adadin abin da za a biya wanda aka rage a aiki ba, cewa kawai ta yi mai kamfani ya yi ƙoƙarin sasantawa da ma'aikata. Wa'adin sanarwar da ta wajabta ma gajere ne: mako ɗaya ga wanda ya wuce wata uku amma bai kai shekara biyu ba, mako biyu ga mai shekara biyu zuwa biyar, wata ɗaya ga wanda ya kai shekara biyar. Na biyu, babu wani tanadi da zai iya riƙe gida tsawon shekarun da mutanen KTL suka yi suna jira. Kuɗin ko-ta-kwana ba fansho ba ne. Aikinsa ya sayo wa mutum lokacin da zai nemi wata hanya da hankalinsa a kwance, ba tare da ya sayar da keken ɗinkin matarsa ko ya cire yara daga makaranta ba. Tambayar da ta dace ita ce: wata nawa wannan neman hanya yake ɗauka?

Akwai adadi ɗaya da doka da kanta ta ba mu. Dokar fansho ta 2014 ta yarda wanda ya rasa aiki kafin ya kai shekara 50 ya ciri kashi 25 cikin ɗari na abin da ke asusunsa na fansho, amma sai ya yi wata huɗu cur bai samu wani aikin ba. Bayan wata huɗun ne zai kai takardu, a duba ko kamfanin ya zuba duk abin da ya yanka daga albashinsa, sannan kuɗin su fito. Wanda ya tanadi na wata uku kawai zai ga aljihunsa ya bushe tun kafin ranar da zai cancanci cike fom ta zo. Wannan kaɗai ya isa ya sa ma'aikacin kamfani ya daina kallon wata uku a matsayin abin da ya wadatar. Shi kuwa ma'aikacin kwantiragi da wani ɗan kwangila ya kawo masana'anta, wanda sau da yawa babu ma asusun fansho da sunansa, ba shi da wannan kashi 25 ɗin da zai jira.

Sauran tsayawar da muka gani a 'yan shekarun nan ma suna da tsawonsu. Kullen korona a Kaduna ya fara a 26 ga Maris 2020, ba a sassauta shi sosai ba sai 9 ga Yuni, wato kusan wata biyu da rabi direbobin haya da masu sayar da abinci da 'yan tireda suna zaune. Yajin aikin malaman jami'a na 2022 ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, kuma gwamnati ta riƙe albashin watannin. Masu cewa aikin gwamnati ba ya kora su tuna da malaman firamare sama da 21,000 da jihar Kaduna ta sallama bayan jarrabawar 2017.

Idan aka jera waɗannan, ga abin da nake gani. Gidan da mutum biyu ke kawo kuɗi ta hanyoyin da ba su haɗa tushe ba, misali miji ma'aikacin gwamnatin tarayya, mata ma'aikaciyar jinya a asibitin kuɗi, wata uku ya ishe su, domin da wuya duka biyun su tsaya rana ɗaya. Gidan da ke rataye a kan albashin masana'anta guda, wata shida. Ɗan kasuwa da mai sana'ar hannu, waɗanda cinikinsu ke raguwa amma ba ya ɗaukewa gaba ɗaya, wata huɗu, da sharaɗin kuɗin ba sa cikin jari. Wannan sharaɗi shi ne mai wuya, domin a idon ɗan kasuwa duk nairar da ke zaune asara ce, kuma ranar da kaya suka zo da araha hannunsa zai yi ƙaiƙayi. Amma gobarar kasuwa ko rushe shaguna jari take ci, kuma ranar ce ake neman kuɗin da ba su cikin shagon.

A lura da maganar haɗa tushe. Idan miji yana aiki a masana'anta, matarsa kuma tana sayar da abinci ga ma'aikatan wannan masana'antar, kuɗin gidan hanya ɗaya ce ta rabu biyu. Haka mai gidan haya da duk 'yan hayarsa ma'aikatan kamfani ɗaya ne. Abin da ya durƙusar da Kakuri bayan rufe masaƙu ke nan: ba ma'aikata kaɗai suka rasa ba, duk wanda ke ci daga aljihunsu ya rasa tare da su.

To mene ne "wata ɗaya"? A nan mutane da yawa ke kuskure, su ɗauki albashi su ninka sau shida, adadin ya ba su tsoro su haƙura tun ba su fara ba. Ba albashi ake ninkawa ba. Abin da gida ba zai iya rayuwa babu shi ba ake ninkawa, bayan an tsuke bakin aljihu.

Mu ɗauki misali. Magidanci ne mai aikin gyaran injin a wata masana'anta a Kakuri, albashinsa naira 200,000, matarsa tana ɗinki a gida tana samun kamar 50,000 a wata, suna da yara uku, suna haya a Makera. A watan lafiya suna kashe kusan 225,000. Idan aiki ya tsaya, an daina sayen nama kullum, an dakatar da anko da gudummawar biki, an rage katin waya, me zai rage? Abinci 85,000. Kuɗin mota 15,000, domin neman aiki ma yawo ne. Wuta da gas ko gawayi da ruwa 15,000. Magani 8,000. Waya 5,000. Abin da yake aika wa mahaifiyarsa a ƙauye 10,000, wanda babu mai hankalin da zai ce a cire shi daga lissafi, tunda ita ba ta da wani albashin da ya wuce shi. Sai abubuwa biyu da ake yawan mantawa saboda ba wata-wata suke zuwa ba. Haya naira 240,000 ce a shekara, idan aka raba gida goma sha biyu 20,000 ke nan a wata. Kuɗin makaranta 48,000 ne a zango, sau uku 144,000, wato 12,000 a wata. Jimilla 170,000.

Daga nan sai a cire abin da ake da yaƙinin zai ci gaba da shigowa. Ɗinkin matar ba zai tsaya ba, amma zai ragu idan maƙwabta ma sun shiga halin, don haka a lissafa 30,000 maimakon 50,000. Giɓin da ya rage 140,000 ne a wata. Sau shida, 840,000. A ƙara 160,000 saboda abin da ke faɗowa lokaci guda, kamar kwanciya a asibitin Gwamna Awan ko na St. Gerard, ko rasuwa a gida da za ta sa tafiyar gaggawa. Abin nema ya zama naira miliyan ɗaya, ba miliyan ɗaya da rabin da ninka dukkan kuɗin shigar gidan zai bayar ba.

Ko hakan ma ba ƙaramin dutse ba ne. Idan 25,000 kawai yake iya warewa a wata, sai ya yi wata 40 kafin ya kai, shekara uku da wata huɗu. Ga wanda ke kan mafi ƙarancin albashi, naira 72,000 a jihar Kaduna, maganar wata shida ma kamar zolaya ce. Shi ya sa ba a kafa ido a kan miliyan ɗin. Zangon farko shi ne na wata ɗaya, 170,000, wanda mutuminmu zai kai cikin wata bakwai, ko ƙasa da haka idan ya zuba kuɗin aikin ƙarin lokaci da kwasar adashensa a ciki. Wata ɗayan nan na farko ya fi na shida amfani nesa ba kusa ba, domin shi ke raba mutum da masu ba da bashi ta waya, waɗanda ke ɗora ruwa mai nauyi a kan mako biyu sannan su bi lambobin 'yan'uwa da saƙon cin mutunci. Yawancin abin da ke samun gida ba korar aiki ba ce. Zazzaɓin yaro ne da ya kai ga ƙarin ruwa, ko albashin da ya makara kwana goma.

Me zai hana wanda ke da hali ya tara na shekara guda, ya huta? Hauhawar farashi. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce a Disamba 2024 farashi ya tashi da kashi 34.8 cikin ɗari a shekara. Wanda ya ajiye miliyan ɗaya a akwati tsawon wannan shekara, a ƙarshenta abin da za ta saya masa bai wuce na naira 742,000 a farashin farkon shekara ba. Wanda ya bar ta a asusun ajiya na banki, ko da an biya shi ruwa na kashi 8 da ɗoriya, ya tashi da abin da ke sayen kayan kusan 800,000. Wato tanadin wata shida ya koma na ƙasa da wata biyar ba tare da ya taɓa ko sisi ba. Alƙaluman sun sauko daga baya, amma darasin bai canja ba: kowane wata da aka ƙara a kan tanadin yana da kuɗin haya da ake biya a ɓoye. Har zuwa wata shida, wannan asara farashin kwanciyar hankali ce, kuma ta cancanta. Bayan wata shida, gara kuɗin su tafi inda za su haihu, ko fili, ko koyon wata sana'a, ko kayan aikin da za a iya ci da su ranar da masana'anta ta rufe ƙofa.

Wannan kuma yana nufin ba a lissafi sau ɗaya a rufe littafi. Wanda ya yi lissafinsa a farkon Mayu 2023, kafin cire tallafin man fetur a ranar 29 ga watan, kuɗin motarsa kaɗai ya ninka cikin 'yan makonni. Duk wata shida a sake zama da biro, a duba farashin mudun shinkafa da na masara a Kasuwar Monday, a gyara adadin.

Sai batun wurin ajiya, wanda a ganina ya fi na adadi tarko. Abu uku ake nema a wurin: kuɗin su fito lokacin da ake so, su fito cikakku, kuma kada su narke suna zaune. Babu wuri ɗaya da ya haɗa ukun, don haka rabawa ake yi.

Watannin farko na 2023 sun koya mana dalilin rabawar. Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin takardun 200 da 500 da 1,000, ya sa wa'adin daina karɓar tsofaffi, sababbin kuma ba su wadata ba. Wanda ya tara dukiyarsa a gida ya kwana a layin banki yana neman shigar da ita kafin wa'adi. Wanda kuma komai nasa na banki ya ga kuɗinsa a waya amma mai kayan miya ta ce ita tsaba take so, mai POS na cire dubu ɗaya ko biyu a kan kowace dubu goma, tiransifa na maƙalewa kwana da kwanaki. Jihar Kaduna na cikin jihohi ukun farko da suka kai ƙara Kotun Ƙoli, wadda ta yanke hukunci a 3 ga Maris cewa tsofaffin takardun su ci gaba da aiki. Kowane ɓangare ya sha wuya, amma wanda ya fi samun sauƙi shi ne mai ɗan abu a nan da ɗan abu a can.

Kaso na farko tsabar kuɗi ne a gida, na cefane da mota na kamar mako biyu. Ga mutuminmu, naira 60,000 ta isa. A haɗa da ƙananan takardu, domin ranar dokar hana fita, irin wadda aka sa a Kaduna a Agusta 2024, mai shagon lungu ba shi da canji. Kada ya wuce haka, saboda ɓarawo da gobara da gara, da kuma babban ɓarawon da ya fi su, wato sauƙin miƙa hannu. Kuɗin da ke ƙarƙashin katifa su ne ke zama bashin da ba a biya ga duk ɗan'uwan da ya shigo da labari mai ban tausayi. Buhun masara da rabin buhun shinkafa a ɗaki ma suna cikin wannan kaso, kuma su hauhawar farashi ba ta cin su, sai dai ƙwari idan ba a adana da kyau ba.

Kaso na biyu, na kamar wata biyu, a asusun banki na daban, ba wanda albashi ke shiga ba, kuma zai fi kyau a wani bankin dabam. A misalinmu 300,000. Dalilin raba banki ba tsoron sabis kaɗai ba ne. Idan mutum yana da bashin albashi a bankinsa, ranar da aiki ya tsaya bankin zai fara kwasar abin da ya tarar a asusun. A guji ɗaura wannan asusu a kan katin da ke yawo a aljihu. A kuma duba matakinsa: asusun mataki na farko, wanda ake buɗewa da ƙaramar shaida, ba ya riƙe fiye da naira 300,000, kuma abin da za a iya fitarwa a rana kaɗan ne. Mutum ba ya son ya gano haka a gaban mai karɓar kuɗi a asibiti da tsakar dare.

Idan bankin ya durƙushe fa? A nan hukumar inshorar ajiya, NDIC, ta shigo. Tun 2024 tana lamunce har naira miliyan 5 ga kowane mai ajiya a bankin kasuwanci, miliyan 2 a ƙananan bankuna na maikurofainans, da miliyan 5 ga masu ajiya a kamfanonin hada-hadar kuɗi ta waya masu lasisi. An gwada wannan a aikace lokacin da aka soke lasisin bankin Heritage a 3 ga Yuni 2024. Hukumar ta yi amfani da lambar BVN ta gano asusun da mutane ke da su a wasu bankuna ta tura musu kuɗinsu. Waɗanda suka sha jira su ne marasa asusu na biyu, da waɗanda sunansu ya saɓa tsakanin takardu. Masu fiye da miliyan 5 kuwa sai a Afrilu 2025 suka ga kason farko na ragowar, kobo 9.2 a kan kowace naira. Kuɗin ko-ta-kwana na yawancinmu bai kai wannan iyaka ba, don haka abin kula shi ne lasisi. OPay da PalmPay lasisin hada-hada ta waya gare su, Moniepoint da Kuda na maikurofainans. Suna da sauri, kuma sun ceci mutane da yawa a 2023, amma sauƙinsu shi ne aibinsu ga ajiya: kuɗin da yatsa ɗaya ke fitarwa, kuma wayar da za a iya fizgewa a Keke Napep. Na fi son a bar su ga cefane.

Kaso na uku shi ne mafi girma, 640,000 a misalinmu, kuma ba za a taɓa shi ba sai an cinye na farko da na biyu. Tunda akwai tazarar wata biyu kafin a buƙace shi, ana iya sa shi inda zai ɗan yi kokawa da hauhawar farashi. Akwai asusun haɗaka na kasuwar kuɗi, wanda kamfanonin da hukumar SEC ta yi wa rajista ke gudanarwa: suna tara kuɗin jama'a su sayi takardun bashin gwamnati na gajeren zango, ana shiga da 'yan dubbai, ana fita cikin kwana ɗaya zuwa uku na aiki, kuma ribarsu ta saba fin ta asusun ajiya nesa. Sai dai NDIC ba ta lamunce su, kuma kuɗin da aka nema ranar Juma'a da yamma sai Litinin ko Talata. Akwai kuma ajiyar ƙayyadadden lokaci a banki, ta kwana 30 ko 90, wadda idan aka fasa kafin wa'adi ribar ce ke tafiya, uwar kuɗin na nan.

Musulmin da ke gudun kuɗin ruwa ba a bar shi a baya ba. Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJ a 2019, Lotus a 2021, kuma suna da asusun mudaraba, inda banki ke juya kuɗin a harkar halal a raba riba bisa kason da aka yi yarjejeniya. Ribar ba ta da tabbataccen adadi, don haka a tambayi abin da suka raba a watannin baya da kuma hukuncin fita kafin wa'adi. Sukuk na gwamnatin tarayya, da aka fara a 2017, halal ne kuma amintacce, amma na shekara bakwai ne ko goma. Wanda ya so fita da wuri sai ya sayar ta hannun dillali a farashin ranar. Wurin ajiyar kuɗin aurar da 'ya ne, ba na asibiti ba. Wanda kuma ya zaɓi ya bar kuɗinsa a asusun da babu riba ko kaɗan, ya san cewa zai riƙa ciko daga aljihu duk shekara kafin wata shidansa su ci gaba da zama shida.

Akwai wuraren da muka saba kira ajiya waɗanda ba su dace da wannan aiki ba, ko da suna da kyau ga wani. Adashe hanya ce mai kyau ta tara kuɗin, domin kunyar uwar adashe ta fi ƙarfin niyyar mutum shi kaɗai, amma ciwo ba ya jiran ranar kwasa, kuma idan 'yan adashen duk abokan aiki ne, ranar da kamfani ya tsaya zubi ma ya tsaya. Ƙungiyar gama-kai ta wurin aiki ita ma haka: kuɗinta suna hannun mambobi a matsayin bashi, kuma daga albashi ake cirowa. Fili ba ya sayuwa cikin mako sai da faɗuwa. Rago da akuya suna sayuwa, amma dillali na ganin fuskar mai matsuwa tun daga nesa. Hatsin da aka saya don a ɓoye a sayar kasuwanci ne, kuma waɗanda suka cika rumbu a ƙarshen 2024 suna jiran tsada sun ga yadda farashin masara ya rikito a 2025. Dala tana kare mai ita idan naira ta faɗi, amma wanda ya saya a Fabrairu 2024, lokacin da ta haura naira 1,800 a kasuwar bayan fage, ya ga ta sauko kusa da 1,100 a Afrilu. Da ciwo ya same shi a watan, da ya yi asarar fiye da kashi ɗaya cikin uku. Zinarin mata ya fi waɗannan duka saurin zama kuɗi, amma nata ne, kuma miji ba shi da hurumin sa shi a lissafinsa sai da yardarta.

Su kuwa masu alkawarin ninka kuɗi cikin wata guda, daga MMM da ta daskarar da asusun mutane a Disamba 2016 zuwa CBEX da ta rufta a Afrilu 2025, alamarsu ɗaya ce kullum: riba tabbatacciya mai yawa, da lada ga wanda ya kawo wani. Gwamnati da kanta, mai buga kuɗin, ba ta biyan kashi 30 a shekara. Wanda ya ce zai biya haka a wata, kuɗin na baya yake ba na gaba.

Saura ladabin taɓawa. Sallah ba gaggawa ba ce, haka bikin ƙanwa, haka haya da kuɗin makaranta muddin albashi na shigowa, domin duk an san ranar zuwansu. Haihuwa ma an ba ta wata tara na shiri, abin da ke gaggawa shi ne idan ta zo da tiyata. Gwajin mai sauƙi ne: abin ya zo ba zato, ba zai jira ba, kuma barinsa zai jawo ɓarnar da ta fi kuɗin. Idan an taɓa, mayarwa ita ce gaba da duk wani sabon sayayya. Wanda tanadinsa ya kai nisabi kuma ya shekara, zakka ta hau kansa, kashi 2.5 cikin ɗari, sunan da ya ba kuɗin ba ya ɗauke ta. Ya tambayi malaminsa nisabin bana.

Abu na ƙarshe yana da ɗan nauyi a baki, amma dole a faɗa. Wani lokaci gaggawar ita ce mai kuɗin da kansa, yana kwance ba ya magana, ko ya riga mu gidan gaskiya. Magidanta da yawa suna ɓoye ajiyarsu har ga matansu, sai iyali su rasa kuɗin allura alhali dubban ɗaruruwa na zaune a asusun da babu wanda ya san da shi. Banki ba ya sakin kuɗin mamaci don an rubuta sunan wani a matsayin magaji a fom, sai an kawo takardun kotu, kuma wannan na ɗaukar watanni. Asusun da aka shekara ba a motsa ba kuma banki na rufe shi sai mai shi ya zo da kansa. Don haka mai karatu, ko da dubu ashirin ce kawai ka tara zuwa yau, ka riƙa motsa asusun duk bayan 'yan watanni, ka je ka tabbatar sunanka ɗaya ne a BVN da NIN da takardun bankunan biyu, sannan ka zaunar da uwargida ka nuna mata inda tsabar kuɗin take da yadda za ta kai ga kaso na biyu idan ba ka iya tashi ba.